Cin haya ba tare da gina gida ba: mi ke cikin asusun da ake kira REIT?

Kowa ya san inda ribar ɗan kasuwa take ƙarewa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. In Allah ya buɗa, sai a sayi fili, a zuba siminti, a yi ɗakuna ko shaguna, a sa ƴan haya. Muna cewa gida ba ya ruɓewa, kuma ɓarawo ba ya ɗauka tai ya gudu. To amma mutum nawa ne cikinmu ke da miliyon 20 ko 30 na gini? Mai sayar da atamfa da mai tuyar ƙosai, waɗanda ajiyarsu ba ta wuce jikka 100 ko 200 ba, an rufe masu wannan ƙofa tun fil azal. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana bisa wata dabara da wasu ƙasashe suka daɗe da ita, wadda a takardu ake rubuta sunanta REIT, ana faɗin "rit". Mu za mu kira ta asusun haya.

Dabarar a Amurika aka haife ta. A watan Satumba na shekara ta 1960 shugaba Eisenhower ya sa hannu bisa dokar da ta ba ƙananan masu ajiya damar haɗa kuɗi su mallaki manyan gine-gine, irin waɗanda da sai attajirai da bankuna. Ana kafa kampani ko asusu wanda aikinsa guda ne: ya sayi gidaje, shaguna, ofisoshi ko ɗakunan ajiyar kaya, ya ba da su haya. Sai a yanka dukiyar ƙanana-ƙanana a sayar wa jama'a a matsayin hannun jari. Wanda ya sayi hannu guda ba shi da ɗaki ko shago da zai nuna ya ce wanga nawa ne. Abin da yake da shi rabo ne cikin dukan gine-ginen da cikin hayar da suke kawowa.

Wani zai ce ai kowane kampani haka yake. Akwai bambanci, kuma a nan daɗin abin yake. Kampani na yau da kullum yana iya cin riba shekara biyar bai raba wa masu jari ko dala ba, shugabanni su ce za su faɗaɗa aiki. Asusun haya bai da wannan dama. A Amurika doka ta tilasta masa raba aƙalla kashi 90 cikin 100 na ribar da ake lissafa wa haraji, kowace shekara. Dole kuma aƙalla kashi 75 cikin 100 na dukiyarsa ya zama ta ƙasa da gini, kuma masu jari su kai mutum 100, don kada iyali guda su fake da sunan. Ladan da gomnati ta ba shi shi ne ba ta karɓar lanho bisa ribar da ya raba, sai dai ta karɓa wajen wanda kuɗin ya shiga aljihunsa. Faransa ta yi irin tata dokar a 2003, Afirka ta Kudu a 2013. Maƙwabciyarmu Najeriya ta samu asusunta na farko a 2007, kuma dokar kuɗinta ta 2019 ta ɗauke wa irin waɗannan kampanoni haraji bisa haya in sun raba kashi 75 cikin 100 a cikin wata 12.

Mu bar dokoki, mu ɗauki alƙalami, domin ɗan kasuwa da lissafi ake shawo kansa. Misalin da za mu kawo namu ne, mun ƙirƙire shi da kuɗin sefa don a gane.

A ce ga gini mai shago 100 a bakin babbar hanya, kuɗinsa miliyon 500. An raba shi hannu 50,000, kowane hannu jikka 10. Kowane shago ana hayarsa jikka 50 a wata. In duk shagunan sun cika kuma kowa ya biya, hayar shekara miliyon 60 ce. Dillalin da ke son ku saya a nan zai tsaya, ya ce maku ga kashi 12 cikin 100. To amma duk mai gidan haya ya san babu shekarar da ɗakuna ke cika fal. Mu ce shago 10 ba kowa ko masu su sun gaza biya, saura miliyon 54. Gyaran rufi bayan damina, kuran, ruwa, albashin masu gadi da masu shara, inshora da lanhon gini, mu sa masu miliyon 14, saura 40. Su ma masu gudanar da asusun ba don Allah suke yi ba, mu ce suna ɗaukar kashi 1 cikin 100 na darajar ginin, miliyon 5 ke nan. Abin da ya rage miliyon 35. A raba kashi 90 cikin 100 nasa, watau miliyon 31 da rabi, tsakanin hannu 50,000. Kowane hannu ya tashi da sefa 630, dala 126 a bakin kasuwa.

Hajiyar da ta kwashi adashenta na jikka 200 ta sayi hannu 20, za ta samu jikka 12 da dala 120 a shekara. A shekara muka ce, ba a wata ba. Mun san akwai wadda za ta taɓe baki, ta ce jikka 200 in ta saro turmin atamfa ko buhun wake ta juya, cikin wata biyu ta ci abin da ya fi haka. Gaskiyarta. Kuɗin da ke juyawa a hannun mai sana'a ya fi haya kawo riba nesa ba kusa ba, kuma ba mu shawartar kowa ya zare jarin sana'arsa ya kai can. Asusun haya wurin kuɗin da aka ware ne, wanda da a gwal ko tumaki ko ƙarƙashin katifa za shi. Ribarsa ta haya ce: kaɗan, a hankali, ba tare da an yi zufa ba. Hajiya ba za ta bi ɗan haya tana rigima ba, ba za a tashe ta da dare a ce masai ya cika ba, ba ta da shari'a da maƙwabci bisa iyakar fili.

Sai kuma a duba abin da ke faruwa in kasuwa ta yi sanyi, kamar yadda muka gani lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019. A ce shago 30 ne suka zama kango. Haya ta sauko daga miliyon 54 zuwa 42. Amma mai gadi yana nan, lanho yana nan, masu gudanarwa ma ba su rage nasu ba. Abin da ya rage miliyon 23, kowane hannu ya samu sefa 414. Hayar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, rabon Hajiya kuwa ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. Dalili shi ne mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, sai kowa ya ɗiba sannan a ba shi. Don haka tambaya ta farko ga duk mai tallar irin wanga asusu ita ce: ɗaki nawa ne ke da ƴan haya, kuma nawa ne cikinsu ke biya bisa lokaci? Asusun kirki yana buga wannan adadi a rahotonsa na shekara.

Abin da ya fi shagon kango haɗari shi ne bashi. Tun da doka ta hana asusun riƙe ribarsa, in yana son ƙara gini hanya biyu gare shi: ya sayar da sabbin hannaye, ko ya je banki. Da yawa banki suke zuwa. Mu koma ga gininmu. A ce rabin kuɗin ne kawai, miliyon 250, ya fito daga jama'a, hannu 25,000, sauran rabin bashin banki ne da ruwan kashi 8 cikin 100. Kowace shekara banki zai karɓi miliyon 20 kafin kowa. A shekara mai kyau miliyon 15 ke saura, hannu ya samu sefa 540. A shekarar shago 30 kango, miliyon 3 kacal ke saura, hannu ya samu sefa 108. Gini ɗaya, ƴan haya ɗaya, amma rabon ya faɗo daga 540 zuwa 108. In sanyin kasuwa ya ƙara shekara guda, banki ne zai zama mai gida.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A Amurika akwai wani asusun haya mai suna General Growth Properties, wanda ke da manyan kasuwannin zamani kamar 200, na biyu a girma a ƙasar. Shagunansa cike suke, ƴan haya suna biya. Amma ya tara bashin kusan dala biliyon 27 ta Amurika, kuma da rikicin kuɗi na 2008 ya zo bankuna suka ƙi sabunta masa bashin da lokacinsa ya cika. Hannun da ake sayarwa sama da dala 60 a 2007 ya koma ƙasa da dala guda, kuma a watan Afrilu na 2009 kampanin ya kai kansa kotu a matsayin wanda ya gaza biya. Ba gobara, ba ambaliya, gine-ginen suna tsaye ƙyam. Wanda ya firgita ya sayar a lokacin ya tashi da kusan babu.

Wannan ya kawo mu ga abin da ake yawan yabon asusun haya da shi, watau sauƙin fita. Mai gida in buƙata ta taso masa, aure ko asibiti ko hajji, sai ya yi wata shida yana jiran mai saye, kuma ba ya iya sayar da rabin ɗaki. Mai hannu 20 yana iya sayar da 5 ya riƙe 15, in asusun yana cikin kasuwar hannun jari. Amma da farashin ranar zai sayar, ba da wanda ya saya ba. In hannun jikka 10 ya sauko jikka 7, wanda ya sayar ya yi asarar jikka 3, wanda ya saya kuwa ya samu garaɓasa, domin sefa 630 bisa jikka 7 kashi 9 ne cikin 100. Kamar hatsi ne, akwai farashin kaka akwai na bazara. Sai dai a ƙananan kasuwannin jari akan yi kwanaki ba a samu mai saye ba ko an rage. Asusun da ba ya cikin kasuwa kuwa, sai masu shi sun yarda su mayar maka da kuɗinka, kuma suna da ikon cewa ka jira.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi shafarmu. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke da ƙafa a Katsina da Kano, ko na Ƙonni mai zuwa Sakkwato, in zai ci karo da asusun haya, a Najeriya zai fara cin karo da shi. A kasuwar hannun jari ta Legas akwai su, babba cikinsu shi ne UPDC REIT, wanda aka sayar wa jama'a a 2013 bisa naira 10 kowane hannu, da gine-gine a Legas da Abuja. Ana saye ta hannun dillali mai lasisi, a buɗe wa mutum asusu da sunansa, rabon haya kuma ya faɗa a bankinsa. Duk wannan daidai ne. Amma hayar da naira ake biyanta, mu kuwa da sefa muke cefane.

A 2013 naira guda tana canzuwa kamar sefa 3. Wanda ya canza miliyon guda na sefa ya samu naira kamar 320,000, ya sayi hannu kamar 32,000. A 2024, bayan gomnatin Najeriya ta saki naira a watan Yuni na 2023, dalar Amurika ta kai naira 1,500, naira guda ba ta kai rabin sefa ba. Ko da a ce hannun ya tsaya a naira 10, kuɗin nan in an maido su gida jikka 130 ne ko kusa. Bai ma tsaya ba, shekaru da dama ƙasa da naira 10 ake sayar da shi. Hayar da aka raba cikin waɗannan shekaru ba ta cike wannan rami ba. Ba laifin ginin ba ne, kuma ba wanda ya saci komi. Masu canji a tashar Maraɗi sun san wannan labari fiye da mu. Ra'ayinmu shi ne, wanda ke da naira zaune a Najeriya saboda harkarsa, kuma can zai kashe ta, yana iya duba asusun haya ya gwada shi da sauran wuraren ajiya. Wanda zai canza sefa musamman don wannan kuwa, ya san caca biyu ya shiga, ta gini da ta canji, kuma ta biyun ta fi girma.

Akwai tambayar da muka tabbata tana bakin malamai da iyayenmu: halas ne? Mu ba malamai ba ne, amma ga abin da ya kamata a kai masu. Asusun iri biyu ne. Akwai mai mallakar gini yana cin haya, akwai kuma wanda ba ya da gini, bashi yake ba masu gini yana cin ruwa, shi ma REIT ake kiransa. Na biyun ba ya buƙatar dogon bayani. Na farkon ma sai an duba wa aka ba haya, kuma da wane irin bashi aka sayi ginin. Ƙasar Maleshiya ta fitar da ƙa'idojin asusun haya na Musulunci a 2005, inda ta iyakance hayar da ke fitowa daga sana'o'in da shari'a ta hana, kuma a 2006 aka kafa na farko, mai suna Al-'Aqar, wanda asibitoci ne dukiyarsa. Ashe abu ne mai yiwuwa in an so.

Shin zai yi kyau a samu irinsa a nan gida, da sefa? Mu dai muna ganin zai yi. Kuɗin ƙananan ƴan kasuwa yana da yawa in an haɗa shi, garuruwanmu kuma suna buƙatar shaguna masu tsari da ɗakunan ajiyar albasa da wake. Asusu mai gini biyar a garuruwa uku ya fi mutum mai shago ɗaya kwanciyar hankali. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Yamai a 1982, ko ta ƙaramar kasuwa a 2012, sun san abin da ake nufi da dukiya duka a wuri guda ba inshora. Kasuwar hannun jari ta ƙasashen sefa, BRVM, tana Abijan tun 1998, akwai kuma hukumar da ke sa ido, AMF-UMOA. Sai dai asusun haya ba ya tsayuwa bisa filin da mutum biyu ke riƙe da takardarsa. Yana son takardar mallaka tabbatacciya, yarjejeniyar haya a rubuce, mai ƙiyasta darajar gini wanda ba yaron masu asusun ba ne, da mai binciken lissafi na waje. Yawancin hayarmu da baki ake ƙulla ta, kuma mun san yadda shari'ar fili ke cin shekaru. Aikin da ke gaban hukumomi ke nan, kuma ya fi yanka kyalle wuya.

Kafin nan, abin da muke tsoro shi ne sunan ya riga abin isowa. Wani zai zo da hoton dogon bene a salula, ya ce ku zuba jikka 50 a ba ku jikka 10 kowane wata, haya ce daga Dubai ko Abuja. Ku tuna da lissafinmu. Gini mai shago 100, shekara mai kyau, ba bashi, jikka 50 ta kawo sefa 3,150 a shekara duka. Babu ginin da ke haifar kashi 20 cikin 100 a wata. Mai biyan haka da kuɗin sabbin shiga yake biyan tsofaffi, kamar yadda MMM ta yi a Najeriya har ta daskare da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016. Asusun gaskiya ba ya alkawarin adadi, domin shi kansa bai san shago nawa za su cika baɗi ba, kuma ba ya ba ka lada don ka kawo ƙanwarka.

In an zo maku da tayin, ku nemi lambar rajistarsa a hukumar kasuwar jari ta ƙasar da yake, ku sa wanda ya iya karatu ya duba sunan a jerin hukumar da kansa. Ku tambayi unguwa da titin da gine-ginen suke, ku aiki ɗan'uwa da ke garin ya je ya ƙirga shagunan da ke buɗe. Ku nemi rahoton shekara uku da suka wuce, a karanta maku nawa aka raba wa kowane hannu, nawa ne bashin banki, nawa masu gudanarwa suka ɗauka. Kuɗin kuma a asusun dillali mai lasisi ake zuba shi, a karɓi takarda da sunan mai shi, ba a lambar wayar wani ba.